Miƙaƙƙe, mai lanƙwasa, murɗaɗɗe ko nannaɗaɗɗe: ka san gashinka kafin almakashi ya taɓa shi

Yawancin askin da ke ɓaci ba daga hannun mai aski matsalar take farawa ba. Tana farawa ne tun lokacin da mutum ya ga hoton wani, ya ce irin wannan nake so, alhali gashin mai hoton da nasa ba hali ɗaya gare su ba. Abin da ya fi raba nau'o'in gashi guda huɗu, idan maganar aski ake yi, shi ne yadda gashi ke tsukewa ya koma sama bayan ya bushe. Wanda ya san yawan tsukewar gashinsa ya riga ya san tsawon da zai nema, da kayan aikin da ya kamata a taɓa kansa da su.

Rabon gashi gida huɗu da ake yawan amfani da shi ya fito ne daga Andre Walker, mai gyaran gashi a Amurka, a shekarun 1990. Ya sa wa miƙaƙƙe lamba 1, mai lanƙwasa 2, murɗaɗɗe 3, nannaɗaɗɗe 4, kuma ana ƙara harafin A, B ko C don nuna ƙarfin murɗin. Lambobin suna da amfani wajen yin magana da mai aski, amma kada a ɗauke su kamar hukunci, domin kai ɗaya kan ɗauki nau'i biyu: ƙeya ta fi laushi, tsakiyar kai ta fi murɗewa. Asalin bambancin yana cikin fata ne. Ramin da gashi ke tsirowa daga ciki idan zagayayye ne kuma a miƙe, gashin zai fito a miƙe. Idan ramin a shafe yake kuma a lanƙwashe, gashin zai fito yana murɗewa. Shi ya sa aski ba ya sauya nau'in gashi, sai dai ya fito da shi ko ya ɓoye shi.

Gwajin kansa ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A wanke kai da shamfu a ɗauraye tas, kada a shafa mai ko wani abu, a danna tawul a hankali ya tsotse ruwan ba tare da gurzawa ba, sannan a bar shi ya bushe da kansa. Ba mataji, ba na'urar busar da gashi. Idan an tsefe kitso ne, dole sai an wanke tukuna, don lanƙwasar da kitso ya bari ba ta gashin ba ce. Wadda ta sa rilaksa ko ta daɗe tana miƙar da gashi da zafi, ta duba sabon tsiron da ke kusa da fata, shi ne ke faɗin gaskiya.

Bayan ya bushe sai a duba. Miƙaƙƙe yana saukowa santal daga tushe har baki, ba lanƙwasa ko ɗaya, kuma yana saurin yin maiƙo saboda man fatar kai yana gangarowa ba abin da ya tare shi. Mai lanƙwasa yana kwanciya a saman kai, sannan daga wajen kunne ya fara kaɗawa dama da hagu kamar harafin S, amma ba ya kammala zagaye. Murɗaɗɗe yana kammala zagaye, ya yi zobe bisa zobe, faɗin zoben daga kaurin babban yatsa zuwa na fensir. Nannaɗaɗɗe kuwa naɗinsa ƙanana ne ƙwarai tun daga tushe, wani ma ba zobe yake yi ba, karyewa yake yi kamar harafin Z, kuma tashi yake yi sama da gefe maimakon ya sauko.

Inda aka fi rikicewa wuri biyu ne. Mai lanƙwasa da aka saba tajewa a bushe yakan yi kama da miƙaƙƙen da ya yi buzu-buzu. Idan a jiƙe ana ganin S, bayan tajewa kuma ya kumbura, to mai lanƙwasa ne. Tsakanin murɗaɗɗe mai ƙananan zobba da nannaɗaɗɗe kuma, ido kaɗai kan yi kuskure, sai an auna.

Awon shi ne zuciyar maganar. A kamo ɗan tsagi na busasshen gashi, a auna tsawonsa yadda yake a sake, sannan a ja shi a hankali har ya miƙe a sake aunawa. Miƙaƙƙe awo biyun ɗaya ne. Mai lanƙwasa bambancin kaɗan ne. Murɗaɗɗe bambancin a fili yake, nannaɗaɗɗe kuwa yakan rasa rabin tsawonsa, wani har kashi uku cikin huɗu. A yi wannan awo a goshi, a tsakiyar kai da kuma ƙeya, saboda da wuya su zo daidai.

Ga misali a aikace. Mace mai murɗaɗɗen gashi tana son a rage mata gashin gaba ya tsaya daidai gira. Tsagin gaban idan an ja shi santimita 20 ne, idan an sake shi yana tsayawa a 14, wato yana riƙe kashi 70 cikin 100 na tsawonsa. Daga inda gashin ya tsiro zuwa girarta santimita 10 ne. Idan mai aski ya jiƙa gashin, ya ja shi da mataji ya yanke a santimita 10, da ya bushe zai koma 7, ya maƙale a tsakiyar goshi. Lissafin da ya dace shi ne a raba 10 da 0.7, a sami kusan 14. Ko a hakan ma kada a yanke a 14 kai tsaye, domin gashin da aka rage wa nauyi yana ƙara tsukewa fiye da da. A fara da 16, a bari ya bushe, a duba, sannan a rage kaɗan-kaɗan. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya ne ko ɗan fiye a wata, don haka santimita huɗu da aka yanke bisa kuskure wata uku zuwa huɗu ne na jira.

Daga nan zaɓin aski ya fara fitowa fili. Miƙaƙƙe ba ya rufa wa almakashi asiri: duk inda aka karkace sai ya nuna. Ana yanke shi a jiƙe, kuma yanka mai baki ɗaya, inda duk gashin ya ƙare a layi guda, shi ya fi yi masa kyau, musamman idan ba shi da cika, don yana sa bakin ya yi kauri. Yanka mataki-mataki, inda ake barin gashin sama ya fi na ƙasa gajarta, idan ya yi yawa a kan siririn miƙaƙƙen gashi yana barin ƙasa sharara. Ga mai son gajere, miƙaƙƙe mai kauri yana da wani tsawo na tsaka-tsaki da yake tsayawa cirko-cirko a gefen kai, bai yi gajartar da zai lafe ba, bai kuma yi nauyin da zai kwanta ba. Ko dai a sauke gefen sosai, ko a bar shi ya wuce wannan tsawon.

Mai lanƙwasa yana buƙatar fili. Idan an gajarta shi ƙasa da tsawon S guda, lanƙwasar ba za ta fito ba, sai baki ya riƙa ɗagewa ta ko'ina. Idan ya yi tsawo da nauyi kuma, nauyin ya ja shi ya miƙe. Dogayen matakai masu farawa daga wajen haɓa zuwa ƙasa su ne maganinsa.

Murɗaɗɗe ne ya fi shan wahala a hannun wanda bai san shi ba. Yanka mai baki ɗaya yana sa sama ta kwanta, ƙasa ta baje, kai ya fito da siffar dala. Matakai yake so, waɗanda za su ɗauke nauyi daga ƙasa su ba sama damar tashi, kuma ya fi kyau a yanke shi a bushe, zobe bayan zobe, a wurin da kowane zobe yake zama da kansa. Reza da almakashi mai haƙora na rage cika, a guje su. Zobe ɗaya tarin gashi ne da suka haɗa kai suna murɗewa tare. Idan aka datse wasunsu a tsakiya, gajerun sai su fice daga tarin su tashi, kai ya yi buzu-buzu, kuma babu man da zai gyara wannan sai ya tsiro. Wadda takan miƙar da gashinta wasu lokuta ta faɗi tun farko, domin yankan da aka yi a bushe ba ya zuwa daidai idan an miƙar.

Nannaɗaɗɗe ba tsawo ake yanke masa ba, siffa ake sassaƙa masa, kuma a nan ya fi sauran duka, don yana tsayawa inda aka ajiye shi. Siffa zagayayya, ko sauke gefe da ƙeya a bar sama, ko shafaffen sama, duk suna zama daram. Kafin a yanke sai an taje shi ya tashi gaba ɗaya a bushe, in ba haka ba bayan wanka na farko za a ga tudu da kwari. Idan tsagaggen baki kawai ake son cirewa daga dogon gashi, a miƙar da shi da iska mai ɗumi kaɗan ko a murɗa shi bibbiyu, sannan a datse bakin da ya sirance. Wannan gashin shi ya fi saurin bushewa da karyewa, saboda maiƙon fata ba ya iya bin naɗin har baki, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Almakashi maras kaifi yana tauna bakin ya tsage.

Ga masu aski da inji, lambobin matajin roba da ake maƙalawa a bakinsa suna nufin tsawo: lamba 1 kimanin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan 10, lamba 4 kuma 13. Amma lamba ɗaya ba kama ɗaya take bayarwa ba. A kan nannaɗaɗɗe, bin kwanciyar gashi yana barin duhu da cika, saɓa mata kuma yana saukewa sosai, don haka a faɗa wa mai aski lamba da kuma ta inda zai bi. Aske ƙeya da gemu ƙwal da reza yana da haɗari ga mai wannan gashi: bakin da aka yanke da kaifi yakan lanƙwaso ya koma cikin fata ya haifar da ƙuraje, a ƙeya ma har su kan zama tabo mai tauri. Wanda ya fara ganinsu ya bar reza, ya riƙa barin ɗan gashi ko na milimita ɗaya ne, idan sun ƙi tafiya ya ga likitan fata.

Abu na ƙarshe da ke iya sauya duk wannan lissafi shi ne cika. Idan an tsaga gashi fata ta bayyana da faɗi, cikar kaɗan ce, sai a rage matakai ko da murɗaɗɗe ne. Idan da ƙyar ake hango fata, gashin zai ɗauki matakai masu zurfi. Ranar zuwa aski kuma, mai gashi nau'i na 2 zuwa na 4 ya je da shi wankakke, busasshe, a sake, ba ɗauri ba kitso, kuma hoton da zai nuna ya zama na mai irin gashinsa.