Saƙo biyu kan ɗage ranar miƙa gini a Barnawa

Manajan aiki na iya rubuta wa mai gini: "Alhaji, a yi haƙuri, damina ta jawo tsaiko, za mu ƙara wata guda." Saƙon na da ladabi, amma ya bar Alhaji cikin duhu, gobe zai kira yana tambayar dalili.

Na biyun ya fi: "Ranka ya daɗe, ruwan Agusta ya cinye mana kwana 9. Rufin kankaren da aka zuba sai ya kwana 21 kafin a cire katakon da ke tallafe da shi, mu kuwa 14 muka sa a jadawali, ƙarin 7 ke nan. Jimilla kwana 16. Jinkirin tayil bai shiga lissafi ba, domin ba a kai ga shimfiɗa shi ba tukuna. Miƙa makulli ya tashi daga 4 zuwa 20 ga Oktoba."

Wannan Alhaji zai iya bin lissafinsa da yatsa.