Na sa wa hoton kakannina launi: manhajar ta iya tufafi, fata ce ta gagare ta

Hoton guda ɗaya ne tak da muke da shi na Kaka da Inna tare, an ɗauke shi a farkon shekarun 1960, mahaifina yana jariri a cinyar Inna. Baƙi da fari ne, girmansa bai wuce tafin hannu ba, gefensa ya yi rawaya, ga wani layin naɗi da ya ratsa kafaɗar Kaka. Gwaggona ce ke ajiye da shi. Da na ce zan sa masa launi, sai da ta sa na yi alƙawarin mayar mata da shi yadda na karɓa.

Irin wannan aiki ya yaɗu tun da Jason Antic ya saki DeOldify, manhajar sa wa tsofaffin hotuna launi, a 2018, kuma MyHeritage, mai binciken tarihin iyali, ta ɗora fasahar a shafinta a 2020. Yanzu shafukan ba sa ƙirguwa. Wanda na yi amfani da shi wani ne daban, daga cikin waɗanda za ka loda hoto ka jira daƙiƙa kaɗan su miƙo maka shi da launi, kuma ba zan kama sunansa ba.

Gwajin farko da waya na ɗauki hoton hoton, na loda. Gaskiya bangon bayansu ya fito da kyau, kujerar ta zama ta katako sosai, rigar Kaka ta yi shuɗi mai duhu. Amma fuskoki, wayyo. Goshin Kaka ya yi ruwan goro, kumatunsa na hagu shunayya, haɓarsa toka-toka kamar ba jini a jikinsa. Hannun Inna da ke riƙe da jariri kuwa bai samu launi ba sam, ya tsaya fari-fari kamar na gunki. Na nuna wa Gwaggo a waya, ta matso da ita kusa da ido, ta ce, "Kai yaro, wane ne ya sa wa Baba kyasbi? Mutumin da fatarsa take sumul, wankan tarwaɗa?"

Wannan maganar ce ta sa na zauna na fahimci abin da manhajar take yi. Hoton baƙi da fari haske kawai yake ɗauke da shi: nan duhu, nan haske, nan tsaka-tsaki. Manhajar ba ta taɓa wannan hasken, launi take ƙirƙira ta shimfiɗa a kansa, kuma cinta take yi daga siffar abin da ta gani. In ta ga siffar fuska ta ce fata ce. In fuskar tana da ɗigo-ɗigon fim, ko tabon danshi, ko ƙyallin fitila a goshi, sai kowane yanki ya yi mata kama da wani abu daban, ta ba shi launi daban. Dabbare-dabbaren daga nan yake. Hannun Inna ma haka: yana kan farin zanen jariri, sai ta ɗauke shi a matsayin ɓangaren zanen. Ga mai duhun fata abin ya fi tsanani, domin rabin fuskar yakan faɗa cikin inuwa inda bayani ya yi ƙaranci, ƙyallin goshi da karan hanci kuma yana fitowa fari tas. Manhajar ba ta da abin kamawa a duka biyun.

Saboda haka na koma baya. Na ajiye waya, na sa hoton a sikana a kan 600 dpi, na adana shi a TIFF maimakon JPEG, don JPEG yana barin ƙananan murabba'ai a wurare masu santsi kamar kumatu, manhajar kuma tana mai da su tabo. Na ɗauke shi da launinsa na rawaya yadda yake, daga baya na cire launin a manhajar gyaran hoto ta GIMP, ta Colors > Desaturate. Wannan matakin na raina shi da farko, ashe shi ne rabin aikin. Rawayar tsohuwar takarda ba ta bazu daidai ba, wani wuri ta fi wani, kuma akwai wani sheƙi mai shuɗi-shuɗi a gefunan da suka yi duhu, wanda azurfar cikin hoton ke yi idan ya tsufa. In ka loda su haka, ka riga ka ruɗa manhajar. Sai na goge ɗigo da layin naɗi da Heal, na buɗe Levels na ɗan ɗaga tsakiya har kumatun da ke inuwa ya nuna siffarsa. Ɗan kaɗan fa. Na taɓa zarcewa, sai Kaka ya koma wani farin mutum da ba mu sani ba a gidanmu.

Da na sake lodawa, shunayyar kumatu ta ragu ƙwarai. Hannun Inna dai yana nan ba launi, haɓar Kaka kuma ta koma kore-kore. A nan na daina sa ran shafin zai gama aikin, na ɗauki abin da ya ba ni a matsayin shafen farko.

Gyaran da ya yi mini aiki shi ne raba haske da launi. A GIMP na buɗe tsaftataccen baƙi da farin a ƙasa, na ɗora mai launin a samansa a matsayin wata leya, na tabbata girmansu ɗaya kuma sun hau juna daidai, sannan na sa yanayin ta saman a LCh Color. Masu Photoshop, Color ne sunansa a can. Ma'anarsa ita ce duk kaifin hoton, ido da gashin gira da layin murmushi, daga ta ƙasa yake fitowa, ta sama launi kawai take bayarwa. Amfanin farko da na gani shi ne kaifin ya dawo, don hoton da shafin ya miƙo ya fi nawa ƙanƙanta kuma ya ɗan dushe. Amfani na biyu shi ne yanzu ina iya dama launin yadda na ga dama ba tare da fuskar ta dagule ba. Idon mutum yana da kaifi a kan haske da duhu, amma ba ya damuwa sosai in launi ya ɗan narke.

Na zagaye fuskar Kaka, na bar ido da leɓe a waje, na tausasa bakin zagayen da Feather, sannan na sa Gaussian Blur a kan leyar launi. Fuskar tana da faɗin fiksel kusan 350, sai na fara da 6, bai isa ba, na kai 14, a nan ƙananan tabon suka narke cikin juna. Da na gwada 30 launin fata ya malala kan farar hula da wuyan riga, ya yi wani zobe mai ruwan goro. Wannan zoben shi ne alamar ka wuce gona da iri.

Damawa tana kashe ƙananan tabo, amma ba ta gyara babban yanki da launinsa ya kauce gaba ɗaya. Don gane su na daina dogara da idona, wanda yakan saba da kuskure bayan minti goma. Na ɗauki Color Picker, na kunna Sample merged da Sample average, na riƙa taɓa wurare ina karanta lambobi. Fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, a haske na yau da kullum ja ne ke kan gaba, kore na biye, shuɗi na ƙarshe. Goshin Kaka ya ba ni R 128, G 88, B 64, wato ja da kore da shuɗi, jeri mai kyau. Kumatun ya ba ni R 104, G 78, B 92: shuɗi ya haura kore, shunayyar ke nan. Haɓa kuwa R 92, G 90, B 78, ja da kore sun kusa zama ɗaya, shi ya sa ta yi kamar ta gawa.

Daga ina zan samo launin gaskiya? Gwaggo ta ce ƙanin mahaifina ne ya ɗauko fatar Kaka sak. Muna da hotonsa mai launi da aka ɗauka a inuwa da rana, sai na ɗebo launi uku daga fuskarsa: na wurin haske, na tsakiya, da na inuwa. Na buɗe sabuwar leya a LCh Color, na ɗauki burushi mai taushi, na rage ƙarfinsa zuwa kashi 20, na riƙa shafawa sannu a hankali. Na fara yin kuskuren da nake ganin kowa yana yi, wato shafe fuskar duka da launi ɗaya. Tabo ya tafi, amma Kaka ya zama kamar an ƙera shi da yumɓu. Fata mai rai ba launi ɗaya ba ce. Kunne da kumatu da kan hanci sun ɗan fi ja, wurin gemu ya ɗan fi sanyi, wurin ƙyalli kuma launinsa kaɗan ne ƙwarai, in ka cika masa sai goshi ya yi kamar an liƙa masa bawon lemo. Bambancin da ke tsakanin wannan da dabbare-dabbare shi ne na gaskiya yana sauyawa a hankali kuma yana bin ƙirar fuska, tabon manhaja kuwa yana da baki kuma bai san inda ƙashi yake ba. Hannun Inna da launin fuskarta na shafe shi, tafin hannun na bar shi ya fi haske da ɗan ja.

Dabara ɗaya da nake dubawa da ita kafin na ce na gama: na haɗa kwafin hoton, na buɗe Hue-Saturation na tura Saturation har ƙarshe. Hoton zai yi muni, amma duk tabon da ya ɓuya sai ya fito fili. A haka na kama wani kore a bayan kunnen Inna da ban taɓa lura da shi ba. A ƙarshe na rage ƙarfin leyar launi zuwa kashi 80, don shafin yana son launi mai ihu.

Hukuncina a kan shafin: yana rage wahala a bango da kujera da ganye, abin da zai ci mini sa'o'i ya yi shi nan take. Fuska babba mai haske sosai, irin ta jaririn, ya yi ta ba laifi tun karon farko. Fuska ƙarama, ko mai duhu, ko wadda rabinta ke inuwa, kada ka buga ta ka rataye ba ka duba ba. Kuma launin tufafi zato ne tsagwaronsa, duk da kyan da yake yi.

Aikin ya ci mini yammaci biyu. Na kai wa Gwaggo asalin hotonta tare da sabon. Ta daɗe tana kallo, ta shafa fuskar Kaka da yatsa, ta ce, "To, yanzu kam Baba ne." Har na fara murmushi sai ta ƙara da cewa, "Amma ɗana, rigar nan ba shuɗiya ba ce. Ruwan ƙasa ce, ni na sha wanke ta." Na dawo gida na sake buɗe leyar launi.