Hattara da ejan da ke cewa "kamfanin jirgi bai dawo da kuɗin ba tukuna"

Jama'a, duk mai sayen tikitin jirgi ta hannun eja, musamman masu tafiya Umara, ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi. Ba zan kama suna ba, don maganarmu da mutumin ba ta ƙare ba, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba. Tikitin da ya sayar mana na gaske ne, lambarsa ma daidai take. A wajen mayar da kuɗi ya ɗana tarkonsa.

Na saya wa mahaifiyata tikitin zuwa da dawowa daga Kano zuwa Jidda a kan naira 1,350,000. Ofishin yana da kyau, ga na'urar sanyi, ga hoton Ka'aba a bango, ga yaro mai kawo ruwan gora. Na tura kuɗin ta banki, aka ba ni rasit. A ƙasan rasit ɗin akwai layi uku da ƙananan haruffa waɗanda ban ko kalla ba a ranar. Saura kwana biyu tafiya, Hajiya ta gama haɗa jaka har da yajinta da kilishin guzuri, sai saƙo ya shigo cewa kamfanin jirgin ya soke tashin ranar. Ranar da aka ba da a madadi ba ta yi mana ba, saboda 'yan rakiyarta sun riga sun koma wani jirgin. Na je ofishin na ce a ba mu kuɗinmu.

"Ranka ya daɗe, ai babu damuwa," in ji shi, ya jawo rasit ɗin ya ɗora yatsa a kan layukan nan. Na farko ya ce duk mai neman a mayar masa da kuɗi za a cire kashi 40 cikin ɗari na hidima. Na biyu ya ce sai an nema awa 72 kafin tashi. Na uku ya ce za a biya cikin ranakun aiki 90. Ya yi murmushi ya ce ni ma na wuce wa'adin awa 72 ɗin, amma don girman Hajiya zai rufe ido. Wato alfarma ce ma zai yi mini ya ba ni naira 810,000, ya riƙe 540,000.

Ga inda zambar take. A harkar tikiti, fasa tafiya iri biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda fasinja ya fasa da kansa, akwai wadda kamfani ya soke jirginsa. Idan kai ka fasa, sharuɗɗan farashin da ka saya ne ke aiki a kanka: za a iya cire tara, wani tikitin mai araha ma ba a mayar da asalin kuɗinsa sam. Idan kuwa kamfani ne ya soke, ka kuma ƙi ranar da ya ba ka, ba ka da laifin da za a ci ka tara, kuɗin tikitin da ba ka yi amfani da shi ba naka ne cif. Layukan da ke rasit ɗin mutumin nan ba su ambaci wa ya fasa ba. Da gangan aka bar su haka, don a ɗauki hukuncin wanda ya fasa da kansa a ɗora wa wanda aka fasa wa. Ku dubi wa'adin awa 72 ma kawai. Ta yaya zan nemi kuɗi saura kwana uku a kan jirgin da aka soke saura kwana biyu?

Shi kuma "ranakun aiki 90" da kunne ke ji kamar wata uku, ku lissafa shi. Kwana biyar ake aiki a mako, 90 ɗin mako 18 ke nan, fiye da wata huɗu, ban da hutun Sallah da sauran hutun gwamnati. Kuma bai rubuta daga wace rana za a fara ƙirga ba. Wata huɗu kuɗinka na juyawa a hannun wani, yana yanka wa wasu tikiti da shi. Alhali hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, a sashe na 19 na ƙa'idojinta na 2023, ta ce wanda ya biya tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko kati kuma cikin kwana 14.

Abin da ya sa wannan dabara take ci shi ne wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: kamfanin jirgi yana mayar da kuɗi ne ta hanyar da suka shigo masa. Tunda eja ne ya yanki tikitin, ejan za a mayar wa, ba fasinja ba. Kai kana gida kana tsine wa kamfani, kamfani kuwa ya daɗe da wanke hannunsa. Mako shida na yi ina jin "ranka ya daɗe, su ne ba su sako ba, ka san halin kamfanonin nan."

Wani abokina da ya taɓa aiki a wajen yankan tikiti shi ya buɗe mini ido. Ya ce, "Malam, kawo lambar tikitin, ba ta ajiyar kujera ba." Ashe abu biyu ne daban. Akwai lambar ajiyar kujera mai haruffa da alƙaluma shida, wadda a takarda ake rubuta mata `PNR`. Ita wannan ko ba a biya ko kwabo ba ana iya samunta, kuma takan mutu da kanta idan wa'adin biya ya wuce. Sai lambar tikiti mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya ba da shi. Da wannan lambar na je ofishin kamfanin, da fasfon Hajiya da takardar da ta sa wa hannu cewa ni wakilinta ne. Ma'aikaciyar ta buga, ta ɗan juyo mini da fuskar kwamfutar. Tikitin da ba a taɓa ba yakan nuna `OPEN`. Namu, zuwa da dawowa, duka `RFND` ne a gabansu, wato an riga an mayar da kuɗin. Na tambayi rana, ta faɗa mini: kwana tara bayan soke jirgin. Na tambaya ko an cire tara, ta ce ba a cire komai ba, tunda su suka soke.

Ba ta gaya mini adadin da ejan ya biya su ba, kuma na fahimci dalili, tsakaninsu ne. A nan ya kamata in yi adalci. Eja yana da ladansa, ba sadaka ya buɗe ofis ya yi ba. Da ya rubuta mini tun farko cewa a cikin 1,350,000 ɗin nan dubu kaza kuɗin hidimarsa ne kuma ba ya dawowa, da ban ce uffan ba. Amma kashi 40 na dukan kuɗin, a kan tafiyar da ba a yi ba, wannan ba lada ba ne.

Don kada wani ya karanta wannan ya je ya tayar wa ejan kirki hankali, ga yadda ragin gaskiya yake idan kai ka fasa. Tikiti yana da asalin farashi, yana da haraji da kuɗin filin jirgi, wani lokaci da ƙarin da kamfani ke ɗorawa wanda za ka gani da `YQ` ko `YR`. Ana cire tarar da ke rubuce a sharuɗɗan farashin, idan kuma ba ka sanar ba har jirgi ya tashi, a ƙara tarar rashin zuwa. Ko tikitin da aka rubuta wa `NON-REFUNDABLE`, wato ba a mayar da kuɗinsa, sau da yawa ana iya karɓo wani ɓangare na harajin da ba a yi amfani da shi ba. Wanda kuma ya yi amfani da tikitin zuwa bai yi amfani da na dawowa ba, kada ya sa rai da rabi, domin kamfani kan sake lissafa zuwan a farashin tafiya ɗaya, wanda yakan fi rabi tsada, abin da ya rage sai ya zama ɗan kaɗan. Duk wannan yana da takarda. Ejan gaskiya zai nuna maka lissafin layi-layi. Wanda ya ce maka kashi kaza dunƙule, ba tare da takardar kamfani ba, daga kansa ya ƙirƙiro. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mutum damar fasa abin da ya yi ajiya tun gaba, a cire masa caji daidai misali, ba abin da mai kanti ya ga dama ba.

Da na koma, ban yi faɗa ba. Na ce masa na ga `RFND` da idona, ga ranar. Fuskarsa ta canza, ya ce akawunsa ne bai sanar da shi ba. Sai ya fito da wata takarda ya ce in sa hannu a tura mini 810,000 ɗin yau-yau. Na karanta, wannan karon har ƙasa. An rubuta cewa na karɓi wannan a matsayin cikakken biya kuma ba ni da sauran magana. Na ajiye masa biro. Don Allah duk wanda aka miƙo wa irin wannan takarda kada ya sa hannu saboda zumuɗin ganin alat. Idan za ka karɓi wani ɓangare, a rubuta cewa ɓangare ne, ga ragowar, ga ranar biyanta.

Na rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, na ba shi kwana bakwai, na haɗa da rasit da shaidar banki da saƙon soke jirgin, na ce daga nan sai sashen kare fasinjoji na NCAA da ke filin jirgin Malam Aminu Kano, sai FCCPC, sai ƙungiyarsu ta NANTA idan ɗan ƙungiya ne. Wani kuskure da na yi a tsakani: na yi ƙorafi a fili a shafin sada zumunta. Kafin awa guda wani ya kira ni wai daga kamfanin yake, in karanto masa lambar katina da lambar sirrin da za ta shigo wayata don a saka mini kuɗin. Na kashe waya. Mai turo maka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata.

A rana ta shida da ba shi wasiƙar, ejan ya turo naira 1,100,000. Ragowar 250,000 ya ce "hidima da cajin banki" ne. Na ce ya kawo a rubuce yadda 250,000 ta zama hidima. Yau mako uku ke nan, takardar ba ta iso ba, ƙorafina kuma yana gaban hukuma. Hajiya ta ce in bar shi da Allah. Na ce mata, "Hajiya, na bar shi da Allah, amma takardar ƙorafin ba zan janye ba."