Ido kawai za a ara, ko fuskar gaba ɗaya?

"Salam 'yan'uwa. Na ɗauki hoton biki, mutum goma sha huɗu, kowa ya fito da kyau sai uwar amarya da ta ƙifta ido, kuma tana sanye da tabarau. Ina da wani hoton da idonta ke buɗe, ga su nan duka biyun na tura. Idon kawai zan yanko in ɗora, ko fuskar gaba ɗaya? Photoshop nake amfani da shi."

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na duba hotunan biyu, kuma ni dai fuskar zan ɗauko, daga ƙasan ɗaurin ɗankwali zuwa haɓa. Amma bari in ajiye maka hanyoyin biyu gefe da gefe, domin akwai hoton da ido kaɗai ya fi dacewa da shi, kuma gara ka san yadda ake bambancewa.

Abin da ke jan mutane zuwa ga aron ido kaɗai shi ne ganin cewa ƙaramin wuri ne, don haka ɓarnarsa ba za ta yi yawa ba. Matsalar ita ce ƙiftawa ba ta tsaya ga fatar ido. Idan mutum ya ƙifta, girarsa kan ɗan sauko, fatar ƙasan ido ta ɗan tattare, in kuma yana murmushi kumatu su turo sama. Ka ɗauko ido buɗaɗɗe ka dasa a cikin wannan fuskar, sai ka samu ido yana faɗin abu ɗaya, gira da kunci suna faɗin wani. Mai kallo ba zai iya nuna maka inda aka taɓa ba, amma zai ce Hajiya ta fito kamar a razane, ko ya ce ba ta yi kama da kanta ba. Kuma wurin da za ka ɓoye gaɓar, wato inda sabon ya haɗu da tsohon, yana tsakiyar fuska ne, inda idon kowa ke fara sauka.

Aron fuska gaba ɗaya yana kawo ido da gira da kunci da baki tare, duk daga daƙiƙa guda, saboda haka yanayin fuskar bai rabu biyu ba. Gaɓar kuma tana komawa can gefe, inda akwai layin da Allah ya riga ya yi ko tufa ta yi: bakin ɗankwali, gefen mayafi, inuwar ƙarƙashin haɓa. A nan ɗinki ke ɓuya. Farashinsa shi ne dole ka karɓi duk abin da ke cikin fuskar aron. Idan a hoto na biyu idon ya buɗe amma bakin yana tsakiyar magana, ka gyara ido ka ɓata baki ke nan.

To yaushe ido kaɗai ke yin aiki? Sai in hotunan biyu sun biyo juna a jere cikin ƙasa da daƙiƙa, kai bai motsa ba, yanayin fuska bai sauya ba. Ƙiftawa ba ta kai rabin daƙiƙa, don haka wanda ya danna kyamara a jere yakan samu hoton da ke biye ko wanda ya gabata kusan iri ɗaya sak, ban da fatar ido. A irin wannan ma ban yarda a ɗauki ƙwayar ido tsurarta ba. A haɗa da gira, da karan hanci tsakanin idanun, da ɗan saman kunci, idanun biyu a tare a yanki guda. Idan ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya kana saita kowanne da hannu, kuskuren fiksal biyu ko uku ya isa ya sa mutum ya zama kamar mai harara-garke.

Ga abin da na gani a naka. A hoton farko Hajiya ta ɗan sunkuyar da kai, a na biyu ta ɗago kaɗan, kuma kan ya karkata zuwa wajen amarya. Karkata gefe ba damuwa ba ce, ana juya leya a daidaita ta. Ɗagowa ko waiwayawa kuwa ba a gyara su da juyi, domin kyamara ta ga fuskar ta wata kusurwa daban: nisan da ke tsakanin ido da bakin tabarau ya sauya, haka ma yadda hanci ya tsaya. Tabarau ne ya yanke hukuncin. Idan ka ɗora ido kaɗai, ko dai firam ɗin tabarau ya karye a inda gaɓa ta ratsa shi, ko kuma idon ya zauna ba daidai ba a cikin gilashin. Ga kuma walƙiyar filashi a kan gilashi, wadda a hoton farko tana sama, a na biyu ta sauko. Fuska gaba ɗaya za ta zo da tabaranta da walƙiyarta, babu abin da zai saɓa. Bakinta a hoto na biyu a rufe yake da ɗan murmushi, don haka babu asara.

Aikin kansa iri ɗaya ne a hanyoyin biyu, faɗin wurin da za ka shafa da abin da za ka saita da shi ne kawai suka bambanta. Kuma kada ka yanka ka manna. Yanka ba ya dawowa, maski kuwa kana iya ƙarawa ka rage har ka gamsu.

Kafin komai, ka tabbata gyaran haske da launi ɗaya ne a hotunan biyu. In ka riga ka gyara na farko a Lightroom, ka kwafe saitin zuwa na biyu tukuna. Daga nan ka buɗe su a fayil guda ta File > Scripts > Load Files into Stack, ka sa alama a Attempt to Automatically Align Source Images. Hoton da kowa ya yi kyau ya zauna a ƙasa, na aro a sama. Sai dai ka sani, wannan daidaitawar tana bin bango da kujeru da yawancin abin da ke cikin hoton ne, ba ta san da kan Hajiya ba. Ta gyara maka rawar hannunka, saura motsin mutum, wanda sai kai da kanka.

Ka zagaye kan Hajiya da Lasso a leyar sama, ka bar sarari mai yawa har kafaɗa, ka danna Ctrl+J, ka kashe cikakkiyar leyar aron. Ka rage Opacity na wannan yankin zuwa 50%, sai ka ga fuskokin biyu a kan juna. Da Ctrl+T za ka ja ka juya. Abin da za ka saita da shi ya danganta da hanyar da ka zaɓa, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mai aron ido yana saita lungun idanu na kusa da hanci da karan hanci, domin su ba sa motsi idan an ƙifta. Mai aron fuska kuwa gefe yake saitawa: layin haɓa, bakin ɗankwali, 'yan kunne, saboda a nan gaɓar za ta bi. Kada ka ƙara ko ka rage girman fuskar, sai fa in ka matsa gaba ko ka taɓa zum tsakanin hotunan.

Ka mayar da Opacity 100%, ka riƙe Alt ka danna Add layer mask. Maskin zai zo baƙi, fuskar aron ta ɓace. Ka ɗauki buroshi mai laushi, Hardness tsakanin 0 da 30%, da farin launi, ka fara shafawa daga idanu kana faɗaɗawa waje. Amfanin farawa daga tsakiya shi ne hoton da kansa zai gaya maka inda za ka tsaya. Idan ka buɗe idanu da gira ka ga komai ya zauna, shi ke nan, hanya ta farko ta wadatar. Idan ka ga tabarau ya rabu biyu ko kunci ya yi layi, ka ci gaba har sai ka kai bakin ɗankwali. In ka zarce, ka danna X ka koma baƙi ka goge. A kan fata buroshi mai laushi ake so, amma a bakin ɗankwali mai zane ko leshi ka ƙara masa tauri, in ba haka ba zanen zai fito biyu-biyu kamar inuwa.

Sai duba launi. Filashin da bai gama caji ba yakan sa hoto na biyu ya fi duhu, kuma fitilun zauren biki masu sauya launi suna iya sa fuska ɗaya ta fi ɗaya ja. A aron ido wannan yana fitowa kamar an shafa hoda a zagayen ido. A aron fuska kuma sai fuska ta saɓa da wuya da hannu. Maganin ɗaya ne: leyar Curves a sama, ka danna Ctrl+Alt+G don ta tsaya kan yankin aron kaɗai, ka daidaita har fatar ta zama ɗaya. Fata mai duhu tana nuna ƙyallin filashi sosai a goshi da kunci, don haka ka lura kada gaɓa ta yanke ƙyallin a tsaka.

Wata hanya da nake roƙonka ka guje mata: kwafe ido ɗaya a juya shi ya zama na ɗaya gefen. Ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido yana gefe guda a idanun biyu, kuma a gefe guda ga duk mutum goma sha huɗun, tunda fitila ɗaya ta haska su. Ka juya ido, ɗigon ya koma kishiyar gefe. Haka ma ɗauko idon daga hoton da aka yi a waje da rana, ko mafi muni idon wata mata daban. Wannan mahaifiya ce a ranar auren 'yarta, 'ya'yanta sun san idonta, kuma hoton zai daɗe a bangon falo.

Idan ka gama, ka danna Ctrl+1 ka duba a girman gaske, ka riƙa kashe leyar kana kunnawa. Duk abin da ya yi tsalle ban da fuskar, maski ya zarce wurin, kuma yawanci kafaɗar amarya ce ko mayafin wadda ke baya. Daga nan ka ƙanƙanta hoton ka kalli jama'ar baki ɗaya, ka ga ko Hajiya tana kallon inda sauran ke kallo. Ka ajiye kwafin PSD da leyoyinsa kafin ka fitar da JPEG.

Don biki na gaba, akwai lissafin da wasu 'yan Ostireliya biyu, Nic Svenson da Piers Barnes, suka fitar, har ya ba su kyautar Ig Nobel a 2006: in mutane ba su kai ashirin ba, ka raba yawansu da uku idan haske na da kyau, da biyu idan ba shi da kyau, adadin hotunan da za ka ɗauka ke nan. Mutum goma sha huɗu a cikin zaure, hoto bakwai. Ka sa kyamara a kan M don haske kada ya sauya tsakaninsu, ka tsaya wuri ɗaya, kada ka taɓa zum, kuma ka ba filashi lokacin caji kafin ka sake dannawa.