Fasa ajiyar wa'adi ko karɓar bashi a kanta: lissafin da ya kamata ka yi kafin ka je banki

A farkon Nuwamba, lokacin da sabuwar aya ta fara cika kasuwa, wani yayana da ke sayen amfanin gona a Maraɗi ya zo mini da takarda a aljihu. Tun farkon Maris ya kulle sefa miliyan 5 a banki na shekara guda, irin ajiyar da ake rubuta wa DAT a takardunsu, a kan riba 6 cikin 100. Yanzu yana son miliyan 2 ya sayi aya ya ajiye, kuma ya riga ya yanke shawarar zuwa ya fasa ajiyar gaba ɗaya. "Kuɗina ne ai," in ji shi. Na ce, "Naka ne, Yaya, amma mu zauna mu ga nawa za ka biya kafin su dawo hannunka."

Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi. Kowane banki da tasa ƙa'idar, kuma wani lokaci a banki guda ma mutum biyu ba su da sharaɗi ɗaya, domin ribar irin wannan ajiya ana yin cinikinta gwargwadon yawan kuɗi da tsawon wa'adi. Abin da zai ɗaure ka shi ne abin da ka sa wa hannu.

Tarar fasa ajiya ba ta cika zuwa da sunan tara ba. Galibi daga riba ake yanko ta. Wata yarjejeniya ta ce za a rage maka kaso kaɗan a kan watannin da kuɗin suka kwana, misali daga 6 a koma 4. Wata ta ce za a biya ka kamar kuɗin a asusun ajiya na yau da kullum suka zauna, wanda a ƙasashenmu masu sefa ta BCEAO ribarsa 3.5 ce cikin 100. Wata kuma ta ce in ba ka kai wasu watanni ba, ba ka da ko dala. A takardar yayana ta farkon ce: rage kaso 2.

Ga yadda ta kasance. Da ya bari wa'adi ya cika a ƙarshen Fabrairu, zai karɓi jika 300, wato sefa 300,000, kafin a cire haraji. Wata takwas da suka wuce sun tara masa jika 200. In ya fasa yau, za a lissafa masa watannin nan takwas a kan 4, ya samu kimanin jika 133. Tarar ke nan jika 67. A nan mafi yawan mutane ke tsayawa, su ce ai ba ta da yawa. Amma akwai wata huɗu da suka rage, waɗanda da sun kawo masa jika 100, su ma sun tafi. Asarar ta zama jika 167. In ya mai da miliyan 3 da ba ya bukata cikin asusun ajiya na wata huɗu, zai samu jika 35, sai asarar ta sauko kusan jika 132. Wannan shi ne ainihin farashin fasawa. Shi za a kwatanta da sauran hanyoyi, ba jika 67 ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda ba kasafai ma'aikacin gishe zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Banki zai iya ba ka bashi, ajiyarka ta tsaya jingina. A takarda za ka ga an rubuta `avance sur DAT`. Tun da kuɗinka na hannunsu ba su da fargabar komai, don haka ba a neman takardar fili ko mai tsaya maka, kuma ruwan da ake ɗorawa yakan ɗan ɗara ribar ajiyar ne kawai. Ba sa ba da duka, sukan tsaya ƙasa da abin da ka ajiye. Ajiyar kuma tana ci gaba da haihuwa, ranar da wa'adi ya cika su cire nasu su ba ka saura.

Mu ce ruwan bashin 8 ne cikin 100. Miliyan 2 na wata huɗu zai ci kimanin jika 53. A ƙara kuɗin buɗe takarda da harajin da ake ɗorawa a kan ruwa, mu ce duka ya kai jika 75. Jika 75 a nan, jika 132 a can. Yayana ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wato in ci bashin kuɗina ya fi mini arha da in karɓi kuɗina?" A wannan watan, e, haka ne.

Dalilin yana da sauƙi in ka kama shi. Tara tana cin watannin da suka wuce, bashi kuma yana cin watannin da suka rage. Duk wata da ya shige, tarar na ƙara nauyi, bashin na ƙara sauƙi. Shi ya sa amsar da ta dace a wata na takwas ba lalle ta dace a wata na biyu ba.

A juya labarin. Da a ce a farkon Mayu ne, wata biyu kacal da kulle kuɗin, wata bukata ta miliyan 4 ta taso masa. In ya fasa, ribar wata biyu a kan 4 jika 33 ce, miliyan ɗaya da ya rage kuma ya kawo masa kusan jika 29 a asusun ajiya cikin wata goma. A cire waɗannan daga jika 300, asararsa kusan jika 238. Bashin miliyan 4 na wata goma a kan 8 kuwa jika 267 ne, ba a ma sa kuɗin takarda da haraji ba. Nan fasawa ce ta fi, kuma ba ka kwana da bashi a wuya. Ka lura ba wata kaɗai ke juya lissafin ba, har da yawan abin da kake bukata. Mai son kusan duka kuɗinsa tun da wuri, ya fasa. Mai son kaɗan a kusa da ƙarshe, ya ci bashi a kai. Wanda ya faɗo tsakani dole ya ɗauki biro. Haka nan in ka san bashin na mako shida ne kawai, kafin a biya ka kuɗin kayan da ka tura Katsina, to ruwansa na mako shida za ka lissafa, muddin takarda ta yarda ka biya da wuri ba tare da wata tara ba.

Akwai hanya ta uku, cire wani ɓangare a bar saura a kulle. In bankinka ya yarda, a lissafinmu ita ta fi duka kyau ko ta yi kunnen doki da bashi: tarar kaso 2 a kan miliyan 2 na wata takwas kusan jika 27, ribar wata huɗu da aka rasa jika 40, jimla jika 67. Matsalar ita ce yarjejeniyoyi da yawa ba su san rabi ba. Ka taɓa kaɗan, an fasa duka, sai a buɗe maka sabuwa da sauran kuɗin a kan ribar ranar. Ta yayana haka take. Shi ya sa ni da zan kulle miliyan 5, gida uku zan raba su, biyu, biyu, ɗaya, kowace da takardarta. Wataƙila a ɗan rage mini kaso saboda ƙanƙantar kowace, amma ranar bukata ɗaya zan fasa, sauran su kwana lafiya.

Kafin ka zaɓi kowace hanya, akwai wuraren da ake tuntuɓe. In kana karɓar ribarka duk wata ko duk wata uku, ko an ba ka ita tun ranar farko, to ranar fasawa banki zai sake lissafi a kan ƙaramin kason, ya cire rarar da ka riga ka ci daga uwar kuɗi. Mutum ya ajiye miliyan 5, a miƙo masa ƙasa da haka, ya tayar da jijiyar wuya a gishe, alhali yana nan a rubuce. Sai kuma ajiyar da ke sabunta kanta: in wa'adi ya cika ba ka ce komai ba, a sake kulle ta na wani wa'adin. Wanda ya zo bayan mako uku yana zaton kuɗinsa a sake suke, sai ya tarar fasawa zai yi. Tarar a lokacin ƙarama ce tun da sabon wa'adin bai yi nisa ba, amma ka tabbatar ribar tsohon wa'adin ba ta shiga cikin abin da za a taɓa ba. In kuma ka taɓa sa ajiyar jingina ga wani bashi, naka ko na wanda ka tsaya wa, ba za ta fasu ba sai an biya wancan. Kuma kada ka yi alkawarin biyan dillali gobe da safe. Fasawa tana bukatar rubutacciyar wasiƙa, wani lokaci sai an jira amincewa daga hedikwata a Yamai, kuma wasu takardun suna da kwanakin sanarwa.

Na san da yawa a garin nan ba sa son jin zancen ruwa sam, kuma hanya ta biyu ta rufe gare su. Wanda ya ajiye a bankin Musulunci bisa mudaraba, ba a yi masa alkawarin tsayayyen kaso ba, rabon riba ne, don haka tambayarsa ita ce nawa ne daga rabonsa zai sarayar in ya janye kafin lokaci. Lissafin dai bai canza ba: abin da za ka samu in ka jira, a cire abin da za ka samu in ka janye.

Sauran tambaya ɗaya, wadda ba banki zai amsa ba. Jika 75 a kan miliyan 2 bai kai 4 cikin 100 ba. To ayar da za a saya da kaka, bayan kuɗin buhu, dako, hayar sito da raguwar nauyi in ta ƙara bushewa, za ta bar ribar da ta wuce haka nan da Fabrairu ko Maris? Mai sayen amfanin gona ya fi ni sanin amsa, kuma ya san shekarar da iyaka ta rufe ko naira ta faɗi, masu saye daga Najeriya suka ja baya, kaya suka kwana a sito. In bukatar ta asibiti ce, babu wani dogon lissafi, a ɗauki wadda ta fi sauri. In ta biki ce ko canza mota, jika 132 kuɗin rashin haƙurin wata huɗu ne.

Washegari muka je tare. Na ce wa ma'aikacin, "Malam, don Allah rubuta mana biyu a takarda: abin da zai shiga hannunsa in ya fasa yau bayan an cire komai, da abin da zai biya gaba ɗaya in ya karɓi miliyan 2 zuwa ƙarshen Fabrairu." Ya buga, ya miƙo. Kuɗin takardar bashin ya ɗan fi yadda na zata, amma tazarar tana nan. Yayana ya sa hannu a kan bashin, ya kuma bar musu wasiƙa cewa kada a sabunta ajiyar in wa'adinta ya cika.