Sharhi kan ƙaramar yufiyes da na sa wa kwamfutar shagona a Aboabo

Idan kana aiki da kwamfutar tebur a Kumasi kuma abincinka yana cikin faifan ajiya, ƙaramar yufiyes, wato na'urar batir mai riƙe wa kwamfuta wuta idan aka ɗauke, ta fi maka sabon allo amfani. Tawa mai lamba 650VA ce, na saye ta a Adum, kuma tun bara take aiki a shagona inda nake haɗa bidiyon biki da suna.

Abin da ya sa na saya shi ne wani faifan waje mai terabait 2, irin mai nasa filogin wuta. Ina cikin kwafa masa bidiyon wani ɗaurin aure aka ɗauke wuta. Da ta dawo, sai Windows ya ce "You need to format the disk in drive E: before you can use it." Duk wanda ya ga wannan saƙo kada ya amsa, domin yawanci kayan suna nan, taswirar da ke nuna inda suke ce ta lalace.

Ga yadda abin yake faruwa. Ajiye fayil ɗaya ba rubutu ɗaya ba ne. Kwamfuta tana rubuta bayanan fayil ɗin, ta rubuta cewa guraben nan an kama su, sannan ta sa suna da girma a cikin jakar. Ƙari ga haka tana riƙe wasu rubuce-rubucen a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci kafin ta sauke su kan faifai. Wuta ta yanke a tsakiyar wannan, sai wani ɓangare ya ce fayil yana nan, wani ya ce gurbin fanko ne. Faifaina yana kan tsarin exFAT, wanda shi da FAT32 ba su da rajista. Wani ƙanena mai gyara a Asawase ya fara kwashe hoton faifan, wato cikakken kwafinsa, gaba ɗaya zuwa wani faifai, saboda umarnin gyaran yana taɓa taswirar da kansa. Da hoton ya kammala, faifan kuma ya yarda ya karantu, sai ya buga:

```
chkdsk E: /f
```

Yawancin kaya sun dawo, amma bidiyon da ake kwafa ya koma guntaye masu suna irin FILE0000.CHK a cikin jakar FOUND.000. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka mayar da shi NTFS, kuma kada ka bar Adum yau ba yufiyes."

NTFS na Windows da ext4 na Linux suna da rajista. Kafin su taɓa taswira, suna fara rubuta abin da za su yi a wani keɓaɓɓen wuri, kamar ɗan kasuwar da ke shigar da ciniki a littafi kafin ya taɓa kaya. Idan wuta ta dawo, tsarin ya duba rajistar, ya ƙarasa aikin da aka rubuta cikakke, ya watsar da wanda ya tsaya rabi. Cikin daƙiƙoƙi faifai ya daidaita. Amma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa: a yadda aka saba saita su, taswirar kawai rajistar ke karewa, ba abin da ke cikin fayil ba. Jakarka za ta buɗe lafiya, bidiyon da kake adanawa a lokacin kuwa yana iya zama rabi. Wannan giɓin ne yufiyes ke cikewa.

A cikinta batir ne mai bolt 12, 7Ah, kuma ƙarfinta na gaskiya wajen wat 360 ne, ba 650 ba. Idan wuta ta tafi tana komawa kan batir cikin 'yan dubunnin kason daƙiƙa ɗaya, kafin kwamfuta ta ankara. Na jona mata kwamfutar, allo, da filogin faifan waje. Na ƙarshen nan shi ake mantawa, har masu laftof, waɗanda batirinsu bai rufe faifan da ke shan wutar bango ba. Da wannan nauyi tana ba ni kusan minti goma, wanda ya isa in tsayar da kwafi, in cire faifai ta Eject, in kashe kwamfuta. Tana kuma ɗaga wuta idan ta yi rauni da yamma, abin da muka sani sosai tun dumsor, wato yawan ɗauke wutar 2015.

Tana da aibu. Kukanta yana da tsanani, kuma tawa ba ta da kafar USB da za ta sa kwamfuta ta kashe kanta idan na tafi masallaci, don haka ba na barin dogon kwafi yana tafiya ba kowa. Da zan sake saye, mai wannan kafar zan ɗauka ko da ta fi tsada. Firinta mai leza ba ta shiga cikinta sam, domin tana jan wutar da ta fi ƙarfinta. Batirin irin wannan kan yi shekara biyu zuwa uku, zafi kuma yana rage masa kwana, shi ya sa na ɗaga ta daga ƙasa kusa da taga mai iska. Duk wata nakan zare filoginta daga bango, ba a cikin rubuta komai ba, in duba agogo. Ranar da minti goman ya koma biyu ko uku, batir zan canza, ba na'urar ba.