Fol uku da ziro ɗaya: me ya sa zanen rut lokas ɗinku biyu ya bambanta

"Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a nan Katsina. An ba mu `G(s) = K(s+z)/[s(s+1)(s+10)]`, ni aka ce in ɗauki z = 2, abokina kuma z = 1.5. Da muka warware `dK/ds = 0`, nawa ya ba ni amsa ɗaya ta zahiri, nasa ya ba shi uku. Wa ya yi kuskure a cikinmu, kuma yaya zanen zai kasance?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu wanda ya yi kuskure a cikinku, kuma ina ganin wanda ya ba ku wannan aiki da gangan ya zaɓi waɗannan lambobi, domin rabin taki kawai aka matsar da ziro, amma siffar zanen ta sauya gaba ɗaya. Bari mu jera su kafaɗa da kafaɗa.

Abin da kuka yi tarayya a kansa shi ne mafi yawa. Fol ɗinku uku suna 0 da −1 da −10, saboda haka rassa uku ne za su taso. Ɗaya zai ƙare a kan ziro, biyu kuma su tafi ba iyaka. Tunda uku a cire ɗaya saura biyu, asimtot biyu ne, a kusurwar digiri 90 sama da ƙasa, wato layi ne a tsaye. Inda suke tsayawa a kan layin kwance ana samunsa ne da jimillar fol a cire jimillar ziro a raba biyu: naka (−11 + 2)/2 = −4.5, na abokinka (−11 + 1.5)/2 = −4.75. A kan layin kwance kuma, duk wurin da adadin fol da ziro da ke damansa ya zama mara, yana cikin lokas, don haka kowannenku yana da yanki biyu: daga 0 zuwa −1, sannan daga ziro zuwa −10. Tsarin ba ya ƙetare layin tsaye na j a ko wanne, domin lissafin saiwoyin shi ne `s³ + 11s² + (10+K)s + zK = 0`, kuma sharaɗin Routh yana buƙatar 11(10+K) ya fi zK, abin da ke tabbata ga kowane K da ya haura sifili muddin z bai kai 11 ba. Har nan, in aka ɗora takardunku biyu a kan juna, da ƙyar a bambance su.

Bambancin yana cikin dogon yankin nan da ke tsakanin ziro da −10. Idan ka rubuta `K = −s(s+1)(s+10)/(s+z)` ka nemi inda `dK/ds` ya zama sifili, abin da ke fitowa bayan an gyara shi ne:

```
2s³ + (11+3z)s² + 22z·s + 10z = 0
z = 2   : 2s³ + 17s²   + 44s + 20 = 0
z = 1.5 : 2s³ + 15.5s² + 33s + 15 = 0
```

Naka yana ba da −0.573 da kuma tagwaye masu j, wato −3.96 ± j1.32. Na abokinka yana ba da −0.621 da −2.77 da −4.36. Sai dai wannan lissafi 'yan takara kawai yake kawowa, ba ya tabbatar da kowa. Kafin a karɓi kowace amsa a matsayin wurin rabuwar rassa ko wurin haɗuwarsu, dole a mayar da ita cikin lissafin K a ga cewa K ya fito lambar zahiri kuma wadda ta haura sifili. Wannan matakin ne ɗalibai suka fi tsallakewa.

Amsar farko ba ta da gardama a wajen kowa. Tsakanin fol biyu maƙwabta, 0 da −1, K yana tashi daga sifili ya koma sifili, don haka tilas akwai ƙololuwa a tsakani, kuma nan ne rassan biyu suke karo su fice daga layin kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kusurwar digiri 90. A wajenka hakan na faruwa a −0.573 lokacin da K yake kusan 1.62, a wajen abokinka kuma a −0.621 da K kusan 2.51. Lura da cewa duka biyun sun wuce tsakiyar yankin, wato −0.5, sun karkata hagu. Ziro yana jawo lokas zuwa gare shi, kuma wanda ya fi kusa ya fi ja.

Tagwayenka masu j fa? A gwada su da sharaɗin kusurwa. Daga −3.96 + j1.32, kusurwar da ke zuwa daga fol na 0 kusan digiri 161.6 ce, daga −1 kusan 156, daga −10 kusan 12.3, daga ziro kuma kusan 146. Jimillar ta fol a cire ta ziro ta ba da kusan digiri 184, alhali 180 ake nema. Wurin ba ya kan lokas, sai a jefar da su. Amma wannan ratar ta digiri huɗu tana gaya maka wani abu: rassanka sun kusa yin abin da na abokinka suka yi, kaɗan ya rage.

Hanyar da na fi so a ga wannan da ido ita ce a lissafa K a wurare kaɗan a cikin dogon yankin, abin da ba ya buƙatar komai sai kalkuleta:

```
s       -2    -2.5   -3    -4    -5    -6    -8    -10
z=2     ∞     56.3   42    36    33.3  30    18.7  0
z=1.5   32    28.1   28    28.8  28.6  26.7  17.2  0
```

Karanta layinka daga dama zuwa hagu, wato daga −10 zuwa wajen ziro: 0, 18.7, 30, 33.3, 36, 42, 56.3, K yana hawa ba ja da baya. Ma'anarsa reshe ɗaya ne kawai yake bin wannan yanki, ya taso daga −10 ya miƙe har ya isa ziro a −2. Sauran biyun da suka rabu a −0.573 suna lanƙwasawa hagu su nufi asimtot a −4.5 ba tare da sun sake taɓa layin kwance ba. Domin zanenka ya yi kyau, ga wurare biyu da lissafinsu ke fita sumul. A K = 30 lissafin saiwoyin ya rabu ya zama `(s+6)(s²+5s+10)`, wato saiwa ɗaya a −6, biyu a −2.5 ± j1.94. A K = 36 ya zama `(s+4)(s²+7s+18)`, wato −4 da −3.5 ± j2.40. Daga K = 30 zuwa 36 rassan sun matsa hagu da taki guda cur amma sun hau sama da abin da bai kai rabin taki ba, don haka a wannan wuri zanen yana tafiya kusan a kwance, ya yi ƙugu kafin ya miƙe sama. Wanda ya ja layi santal daga wurin rabuwa zuwa asimtot ya rasa wannan siffa.

Layin abokinka kuwa, a karanta shi ta wannan fuska: 0, 17.2, 26.7, 28.6, 28.8, sai ya sauko 28, sannan ya sake hawa 28.1, 32, har ba iyaka a kan −1.5. Akwai tudu tsakanin −4 da −5, akwai kwari tsakanin −2.5 da −3. Kwarin, inda K ya fi ƙanƙanta, shi ne −2.77 da K kusan 27.9, kuma nan ne rassan da suka fice tun a −0.621 suke zagayowa su dawo kan layin kwance. Tudun shi ne −4.36 da K kusan 28.9, wurin rabuwa na biyu. Idan aka bi K daga ƙarami zuwa babba, labarin yana tafiya haka: rassa biyu sun rabu a K = 2.51, sun yi zobe sun kewaye ziro, sun haɗu a −2.77, daga nan ɗaya ya juya dama ya nufi ziro a −1.5, ɗaya ya nufi hagu ya yi karo da reshen da ke tahowa daga −10, suka fice tare a −4.36 suka nufi asimtot a −4.75. Ka ga ke nan a zanensa reshen da ya taso daga −10 ba shi ne ke kaiwa ga ziro ba, saɓanin naka.

Ana iya tabbatar da wannan ba tare da zane ba. A K = 28, lissafin abokinka ya zama `s³ + 11s² + 38s + 42`, wanda ya rabu ya zama `(s+3)(s²+8s+14)`, saiwoyinsa −2.59 da −3 da −5.41, duka ukun na zahiri. Jimillarsu −11 ce, kuma haka za ta kasance ga kowane K a tsarinku biyu, tunda yawan fol ya zarce na ziro da biyu. Wannan hanya ce mai sauƙi ta kama kuskuren lissafi, domin idan rassa biyu suka matsa hagu, tilas na ukun ya matsa dama.

Abin da ke rikita mutane a nan shi ne wata ƙa'ida da ake haddacewa rabi da rabi, cewa wai tsakanin fol da ziro ba a samun wurin rabuwa. Daidai ɗinta shi ne, ko dai babu ko ɗaya, ko kuma su zo bibbiyu, haɗuwa da rabuwa tare, domin K yana tashi daga sifili ya tafi ba iyaka, kuma idan ya yi tudu a hanya tilas ya yi kwari kafin ya ci gaba da hawa. Naka shi ne na farko, na abokinka na biyu. Iyakar da ke raba su tana tsakanin z = 1.6 da z = 1.7: a 1.6 har yanzu amsoshi uku ne na zahiri, ɗaya daga cikinsu −4 daidai, a 1.7 kuwa biyu sun riga sun koma masu j.

A ɗakin jarrabawa ina ba da shawarar a warware lissafin mai `s³` da kalkuletar da ke iya hakan, sannan a gwada kowace amsa da K. Teburin kaɗai yana iya yaudara a irin tsarin abokinka, domin ratar tudu da kwari kusan ɗaya ce tak a cikin K, kuma wanda ya yi tsalle daga −2 zuwa −6 zai ga 32 da 26.7 ya ɗauka hawa ne ba yankewa. Ko a kwamfuta ma yana da kyau a matse takun K a wannan wuri:

```
roots([2 15.5 33 15])
rlocus(tf([1 1.5],[1 11 10 0]), 0:0.01:60)
```

Ta fuskar aiki kuma, kada abokinka ya dogara da wannan ɗan tsakani na 27.9 zuwa 28.9 a matsayin wurin da zai ɗora K don ya samu saiwoyi uku na zahiri. Faɗinsa bai kai kashi huɗu cikin ɗari na K ba, alhali rezisto na gama-gari da ake saye a kasuwa yana iya kaucewa da kashi biyar cikin ɗari, kuma ziron da kansa, idan ya gusa daga 1.5 zuwa 1.7, zoben ya buɗe, zanensa ya koma irin naka.